Darasi na 12: Daren da Firizar Maman Auta Ta Tsaya

Wannan darasi na masu dafa abincin biki ne, da masu sayar da kaji ko nama, da duk wanda jarinsa ke kwana cikin firiza. Za ku fara karanta labari, bayani ya biyo baya. Yayin karatun ku riƙa lura da tambayoyi biyun da Maman Auta ke yi wa kowace leda kafin ta yanke hukunci a kanta: nawa ne sanyin da ya rage a jikinta, kuma awa nawa ta yi a haka?

Labari

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 da rana, dare ma ba ya sauka sosai. Maman Auta ta karɓi aikin abincin yinin biki na mutum 400, za a kai wurin taro ƙarfe 2 na ranar Asabar. Akwai shinkafa dafa-duka, soyayyen kaza yanka ɗaya ga kowa, farfesun naman sa, samosa da haɗin salak. Kaji 100 ta saya, kowace za a raba ta huɗu.

Ba rana ɗaya ta saye su ba. Hamsin na farko, tare da kilo 40 na naman sa, tun Talata suke ƙasan babbar firizarta mai murfi a sama, sun daskare sun yi tauri. Talatin sun shiga ranar Alhamis, biyar-biyar a leda. Ashirin na ƙarshe sai ranar Juma'ar aka yanka su, aka fige, aka wanke. Da yake ana sauri, sai yaran aiki suka zuba su gaba ɗaya cikin babbar leda ɗaya, suka ɗaure, suka ɗora a sama wajen ƙarfe 1. Ƙarfe 2 kuma aka sauke niƙaƙƙen naman da za a cusa wa samosa, aka juye shi a bokitin roba mai zurfi da sauran zafinsa, aka rufe, aka cusa kusa da ledar.

Ƙarfe 10 na dare Maman Auta ta shiga sito don ta duba kayan gobe. Da ta ɗaga murfin, sanyin da ya saba bugun fuskarta bai buge ta ba. Ƙanƙarar da ke jikin bango ta saki, ruwa na bin gefe yana gangarawa. Gabanta ya faɗi, ta yi salati. Abu na farko da ta yi shi ne ta mayar da murfin ta danne.

"Auta! Zo nan. Yau kin ji ƙarar firizar nan?"

"Umma, da azahar dai tana yi. Da na zo ɗaukar ruwa bayan la'asar na ji tana wani gurnani, sai ta yi ƙas ta yi shiru. Na ɗauka haka take yi."

"Bayan la'asar. Wato wajen ƙarfe huɗu ke nan." Ta ƙirga da yatsu. "Awa shida. To, daga yanzu ko ruwa ne kada wanda ya sake buɗe ta. Ɗauko mini wayata da ma'aunin nan mai tsinke da ke cikin durowa."

Ta kira mai gyaran da ya saba yi mata aiki. Sai da ta kira sau biyu ya ɗauka.

"Malam, ka yi haƙuri na tashe ka. Firiza ce ta tsaya, ga kayan bikin mutane a ciki."

"Subhanallahi. Hajiya, fitilarta na kunne?"

"Tana kunne."

"To ba fiyus ba ne, ba soket ba ne, wuta na shiga. Ki kai wayar bayanta, ƙasa inda kwamfuresa take, in ji."

Ta durƙusa ta kara wayar. Bayan ɗan jim injin ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ƙas, sai shiru.

"Na ji. Tana son tashi ta kasa. Ki taɓa ta da bayan hannu, a hankali."

"Zafi zau, Malam."

"Cire fulogin yanzun nan. In kika bar ta tana wannan yunƙurin har safe, kwamfuresar ce za ta ƙone, wannan kuwa babban kuɗi ne. Mai yiwuwa rile ne ya mutu, ɗan ƙaramin abin da ke tayar da ita. Yau wutar unguwarku na da ƙarfi?"

"Tun rana fanka da ƙyar take juyawa."

"Shi ke nan. Rile ba tsada gare shi ba, amma ba ni da irinsa a gida, sai an buɗe shaguna a Sabon Gari. Kuma ko da na gyara ta ƙarfe tara na safe, sai ta ɗauki awanni kafin ta koma yadda take. Daren nan kada ki sa rai da ita, Hajiya."

Ta ajiye wayar. Inna, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa tana yi mata girki, tana tsaye a bakin ƙofa da zani a kafaɗa.

"Yarinya, a hura wuta kawai. Mu tafasa komai yanzu, mu soya, mu rufe. Wuta ai ba ta bar komai ba."

"Inna, in mun soya ƙarfe sha biyun dare, sai biyun rana za a ci. Awa goma sha huɗu ke nan a wannan zafin, ba firji, ba komai. Ina za mu ajiye kaza ɗari soyayyu? Bari dai mu ga abin da ke ciki tukuna."

Kafin ta sake ɗaga murfin sai da ta sa aka jera kuloli huɗu da aka wanke, da manyan bahuna biyu, don a buɗe sau ɗaya a gama. Auta ta riƙe fitila da biro da takarda. Maman Auta ta soka tsinken ma'aunin a tsakiyar babbar ledar kajin Juma'a, ta jira lambar ta daina motsi.

"Rubuta: ledar sama, sha shida."

Ta wanke tsinken da sabulu da ruwan zafi, ta soka shi tsakiyar bokitin naman samosa.

"Bokiti, sha tara."

Kajin Alhamis sun ɗan yi laushi daga waje, amma da ta matsa cinya sai ta ji ƙanƙara na ƙaras-ƙaras a ciki. Ta sa tsinken tsakanin yanka biyu.

"Na tsakiya, ɗaya."

Na ƙasa kuwa tsinken ma bai shiga ba. Ta matse shi tsakanin leda biyu, ya nuna digiri 9 ƙasa da sifili. Aka fitar da babbar ledar da bokitin, aka kwashe kajin Alhamis zuwa kuloli, aka rufe firizar da kajin Talata da naman sa a ciki. Duka aikin bai kai minti biyar ba. Ta sa aka lulluɓe firizar da barguna biyu da tsohuwar katifar yara.

Mijinta ya tashi maƙwabcinsu mai a-kori-kura suka tafi wajen masu sayar da ƙanƙara. Kafin sha biyu sun dawo da manyan ƙulli 30 cikin buhuna. Aka fasa wasu da taɓarya. A kowace kula aka shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa, aka jera ledojin kaji a ɗaure, aka cike tsakaninsu da fasasshiya, sannan aka danne saman da manyan gutsattsari. Ƙulli shida da suka rage ba a fasa ba ta sa cikin firizar, a gurbin da aka kwashe kaya, don kada a bar fili.

Saura leda da bokiti. Inna ta kwance bakin ledar ta sunsuna, ta buɗe bokitin ta sunsuna.

"Wallahi ƙalau suke. Ko ɗan bashi babu. Naman samosar nan ma ƙamshin albasa yake yi."

"Na sani, Inna. Amma tun ƙarfe ɗaya ledar nan take ciki, tsakiyarta ba ta taɓa yin sanyi ba. Awa tara. Bokitin kuma dafaffe ne, an yi ta sa masa hannu wajen haɗawa, ya yi rabin yini da ɗumi."

"To in ba za a kai wa mutanen biki ba, a soya a ba almajirai sadaka. Ko yaran aikin nan su raba. Zubar da kaza ashirin ai alhaki ne."

Maman Auta ta yi shiru. Kuɗin kajin nan kusan rabin ribarta ne a aikin.

"Inna, abin da ba zan ba amarya da baƙinta ba, ba zan ba ɗan wani ba. Almajirin da zai kwana yana amai, wa zai kai shi asibiti? Da safe a haƙa rami a bayan gida a binne su, a danne da dutse kada karnuka su tono."

Bayan sallar asuba ta kira uwar amarya, ba ta jira gari ya waye an ji a bakin wani ba.

"Ranki ya daɗe, ina kwana. Wata 'yar matsala aka samu jiya da dare, na ga ya kamata ki ji daga bakina. Firizata ta tsaya. Kaji tamanin da naman sa lafiya suke, na auna. Ashirin na zubar, yanzu za a je a yanko sababbi, ni zan biya. Samosa ce kawai ba za ta samu ba, don lokaci ba zai isa a sake haɗin ba. In kin amince in sa fanke a madadinta, in cire miki kuɗin bambancin."

"Ikon Allah. Kin tabbata sauran ba abin da ya same su?"

"Na tabbata, ranki ya daɗe. Lambobin na rubuce, in kina so in turo miki."

"A'a, bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki sa fanken. Allah ya mayar miki da alheri."

Ƙarfe 5 da rabi ta sake aunawa. Kuloli suna kan digiri 1 zuwa 2, an tsiyaye ruwan da ya narke sau ɗaya cikin dare an ƙara ƙanƙara. Kajin Talata har yanzu da tauri, sun hau zuwa digiri 4 ƙasa da sifili. Aka fito da su a ledojinsu aka nutsa cikin bahunan ruwan sanyi, ana sauya ruwan duk rabin awa. Ƙarfe 8 aka ɗora tukunyar farko da kajin Alhamis, sababbin da aka yanko suka bi baya kai tsaye daga wanki zuwa wuta, na Talata suka zo ƙarshe. Daga kowane kasko sai ta zaɓi cinya mafi kauri ta soka tsinke kusa da ƙashi, ba ta bari a kwashe sai ta ga 75. Abin da aka soya ana juye shi cikin babbar tukunya mai murfi a kan garwashi, da ɗan romon tattasai a ƙasa don kada ya bushe. Shinkafa ba ta hau wuta ba sai sha ɗaya. Kabeji da karas an yanka su an bar su kan sauran ƙanƙarar, kwalaben mayonis ba a buɗe su ba sai a wurin taro.

Mai gyara ya iso wajen goma. Ya zare rilen ya girgiza shi kusa da kunne, aka ji yana kacau-kacau alamar abin cikinsa ya farfashe. Ya sa sabo, kwamfuresa ta tashi. Ya ce ta nemi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa kafin wani aikin.

Ƙarfe 2 saura kwata, a bakin ɗakin taro, Maman Auta ta buɗe kular shinkafa ta farko ta soka tsinke. Ya nuna 68. Ta ce wa yaran su fara zubawa.

Me ya sa ba ta nemi wata firiza ba?

Mutane da yawa in abin nan ya same su, hankalinsu na tafiya ga neman inda za a sake daskarar da naman. Sai a yi ta buga ƙofofin maƙwabta cikin dare, a raba kaji gida biyar, a cusa su cikin ƙananan firji da wutarsu ma ba tabbas. Maman Auta ta lura da abin da firgici kan ɓoye: gobe da safe za a dafa naman, ko firizar na aiki dole a fito da shi ya narke. Ba daskarewa take bukata ba. Abin da take bukata shi ne naman ya zauna ƙasa da digiri 5 na tsawon awa goma kacal, kuma ƙanƙara na iya wannan aikin.

Ga ma'aunin da za ku riƙe. Firiza mai lafiya tana ajiye abinci a digiri 18 ƙasa da sifili. Ƙanƙara mai narkewa tana kan sifili daidai, kuma ba ta hawa sai ta narke duka. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojinta biyar na kiyaye abinci, ta ce a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, domin tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Sanyi ba ya kashe su, tsayar da su ko rage musu sauri kawai yake yi. Don haka naman da ya narke amma yana kan digiri 1 bai lalace ba, za a iya dafa shi, za a ma iya mayar da shi firiza in da sauran ƙanƙara a jikinsa, sai dai ya ɗan rage daɗi.

Firizar da ta tsaya kuwa, matuƙar murfinta na rufe, kula ce babba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa cikakkiyar firiza da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda ke rabi kusan awa 24, firji kuwa awa 4 kawai. A sito mai rufin kwano cikin bazarar ƙasar Hausa, ku rage wa waɗannan lambobin sosai, kada ku jingina da su kamar alkawari. Amma suna nuna dalilin abu uku da ta yi: ta hana buɗewa, ta cike gurbin da ƙanƙara, ta lulluɓa barguna. Bargon sai an cire fulogi ake rufa shi. Firizar da ke aiki tana fitar da zafi ta jikinta da bayanta, in an lulluɓe ta an shaƙe ta.

Ledar sama da bokiti

A nan darasin ya fi nauyi, kuma a nan ne masu sana'a suka fi yin gardama. Ku lura, ba tsayawar firizar kaɗai ta jawo asarar ba. Ko da ba ta tsaya ba, tsakiyar wannan leda da tsakiyar bokitin sun shiga hatsari. Sanyi daga waje yake ratsawa zuwa ciki, a hankali. Kaza ashirin da aka dunƙule wuri ɗaya sun haura kilo ashirin, na gefe za su yi sanyi, na tsakiya su kwana da ɗuminsu. Kowace firiza tana da iyakar sabon kayan da za ta iya daskararwa a awa 24, ana rubuta shi da kilo a takardarta ko a jikin lambar da ke bayanta, kuma ya yi ƙasa ƙwarai da abin da cikinta ke ɗauka. Shi ya sa kajin Alhamis da aka ƙulla biyar-biyar suka tsira. Dafaffen abu kuma, kamar naman samosa, a faranti mai faɗi ake baza shi, kaurinsa kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, ya huce da wuri, sannan a sa a sanyi.

To me zai hana a soya kawai, yadda Inna ta ce? Inna ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Dahuwa mai kyau tana kashe ƙwayoyi irin su Salmonela, wadda ake yawan samu a ɗanyen kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kai digiri 70, masu sana'a da yawa kuma suna kai kaza 75 don su sami natsuwa. Matsalar ita ce wasu ƙwayoyin, yayin da suke hayayyafa, suna zubar da guba cikin abincin, kuma gubar ba ta jin wuta. Akwai wadda ake kira Sitafilokokus, tana zaune a hanci da fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. Daga hannu take shiga dafaffen abinci, in ta sami ɗumi na awanni ta saki gubarta. Ka soya samosar ta yi ja, ƙwayar ta mutu, gubar na nan. Wanda ya ci yakan fara amai da murɗar ciki tsakanin rabin awa zuwa awa takwas, wato wasu tun ba a tashi daga taron ba. Dafaffiyar shinkafar da aka bari ta huce ta daɗe ita ma tana da tata ƙwayar mai irin wannan hali, shi ya sa Maman Auta ta bar ta zuwa ƙarshe.

Hanci kuwa ba ya gane wannan. Ƙwayoyin da ke sa nama wari da yauƙi daban suke da masu sa ciwo. Nama na iya yin ƙamshi lafiya lau alhali ya cika da abin da zai kwantar da mutum. In ya yi wari, tabbas a zubar. In bai yi ba, hancin bai ba da shaidar komai ba, sai a koma ga ma'auni da agogo. Ɗanɗanawa don a gwada ma kada a yi.

Ku duba lissafin. A yanayin da ya yi mata daidai, ƙwaya ɗaya na iya rabuwa biyu duk minti 20. A awa ɗaya ta zama 8, a awa biyu 64. Wannan ne ya sa ƙa'idar ta ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura digiri 32 a mai da shi awa ɗaya. A digiri 16 ko 19 saurin bai kai haka ba, amma awa takwas zuwa tara sun ninka iyakar sau huɗu. Kuma abincin biki ba na mutum ɗaya ba ne. Cikin 400 akwai masu juna biyu, da tsofaffi, da ƙananan yara, da masu fama da wani ciwon, waɗanda gudawar kwana biyu kan kai su gadon asibiti. A ganina hukuncin da ta yanke kan almajirai shi ne mafi wuya a daren, kuma shi ne daidai.

Abin da ƙarar firiza ke faɗa

Ba a ce kowa ya zama mai gyara ba, amma in kin iya bayyana alamar a waya, za ki san tun cikin dare ko gyaran na minti goma ne ko na gobe. In fitila a mace take kuma ba ƙara ko kaɗan, a fara da soket: a gwada shi da cajar waya, a duba fiyus ɗin cikin fulogi. Sau da yawa nan abin yake tsayawa. In ana jin gurnani sannan ƙas, yana maimaituwa bayan 'yan mintuna, kwamfuresa ce ke kasa tashi. Rile ne, ko kafasita, ko wuta marar ƙarfi, wani lokaci kuma kwamfuresar kanta ce ta maƙale. A cire fulogi a jira mai gyara. In kuwa injin na ta aiki ba hutawa amma sanyi na raguwa kwana bayan kwana, ko ƙanƙara na taruwa gefe ɗaya kawai, ana zargin gas ya zube. Wannan ba gyaran dare ba ne, kuma gas ɗin da ke cikin firizoji da yawa na yanzu yana kamawa da wuta, don haka kada a kusanto da ashana ko kyandir, kada kuma a taɓa sassaƙar ƙanƙarar bango da wuƙa.

Janareta ma a yi hattara da shi. Lokacin tashi kwamfuresa tana jan wuta ninkin abin da take ci in ta daidaita, ƙaramin janareta yakan durƙushe a nan, ya bar ta tana gurnani. In an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, a ba firiza minti biyar kafin a mayar da fulogi.

Ma'aunin zafi mai tsinke ana samunsa a shagunan kayan kicin da na masu yin kek, kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba. Don a san ko yana faɗin gaskiya, a cika kofi da fasasshiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a juya, a tsoma tsinken minti ɗaya. Ya kamata ya nuna sifili.

Aiki

1. Me ya sa Maman Auta ta tambayi Auta lokacin da ta ji ƙarar ƙas kafin ta auna komai?

2. Inna ta kawo shawara biyu a daren. Ku faɗi kowace, da amsar da aka ba ta, da bakinku.

3. In ƙwaya ɗaya na rabuwa biyu duk minti 20, nawa za ta zama bayan awa uku? Ku ci gaba da ninkawa a takarda har awa shida.

4. A ce kaza ɗaya naira 8,000 ce, ƙullin ƙanƙara naira 500. Nawa ta kashe wajen maye kajin da ta zubar? Nawa ta kashe a ƙanƙara? Nawa ne kuɗin kajin da suka tsira?

5. Ku zauna uku-uku. An ba ku aikin mutum 200 ranar Lahadi ƙarfe 1 na rana, kuna da firiza ɗaya rabin cike. Ku rubuta ranar da za ku sayi kaji, yadda za ku ƙulla su, lokacin da kowane abinci zai hau wuta, da wurin da za ku samo ƙanƙara a unguwarku bayan ƙarfe 10 na dare. Ku zo da takardar a zama na gaba.